Ɗebewa a Zauren Surukina

Shekarar da aka ba ni aji uku a firamaren unguwarmu, ban daɗe da tarewa a gidan mijina ba. Ni 'yar Garaku ce, aure ya kawo ni cikin garin Keffi, gidan gandu mai sassa da yawa, wanda zaurensa ke kallon hanya. Mai zauren shi ne mahaifin mijina. Tsohon malamin makaranta ne, ya koyar har ya yi ritaya, kuma rabin magidantan unguwar sun bi ta hannunsa. Duk gidan Baba muke ce masa. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaure, ya jingina wani ɗan baƙin allo da bango, yaran maƙwabta su taru ya yi musu bitar karatu. Ba ya karɓar komai. Yakan ce zama haka kawai ne ke tsufar da mutum.

Tsakanina da shi gaisuwa ce. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa, ya ce, “Malama, a sauka lafiya.” Ban taɓa zama a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ina da magana, ta bakin mijina take bi.

A zango na biyu muka shiga ɗebewa mai aro. Na yi yadda aka koya mini a kwaleji. Na rubuta saba'in da biyu a sama, talatin da takwas a ƙasa, na ce takwas ba za ta fita daga biyu ba, don haka za mu je gidan goma-goma mu aro ɗaya. Na soke bakwai na mayar da ita shida, na ɗora ɗan ƙaramin ɗaya a gefen biyu ta zama sha biyu. Sha biyu a ɗebe takwas saura huɗu, shida a ɗebe uku saura uku. Talatin da huɗu. Na tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya ɗaya cewa an gane. Yara sun fi sittin a ajin nan, in suka amsa tare sai ki ji kamar kwanon rufi zai ɗaga, kuma sai ki yarda.

Da na karɓi aikinsu na zauna dubawa a ofishin malamai, sai na ga ba haka ba ne. Da farko jan biro kawai nake ja ina wucewa. Can na lura amsoshin da ba daidai ba suna maimaita kansu, yaro a wannan layi da yarinya a wancan layi sun rubuta abu ɗaya alhali ba kusa suke zaune ba. Sai na ajiye biron na fara ware littattafan kashi-kashi.

Kashi mafi yawa sun rubuta arba'in da shida. Waɗannan ba su yi aro ba sam. Sun ga biyu a sama, takwas a ƙasa, sai suka juya abin, suka cire biyu daga takwas. Da na yi tunani, ban ga laifinsu ba. Tun suna aji ɗaya ake nanata musu cewa ƙarami ake cirewa daga babba, to ga ƙarami ga babba, sun bi doka. Ba su ɗauki saba'in da biyu a matsayin lamba ɗaya ba, sun ɗauke ta bakwai daban, biyu daban, kowacce da nata faɗan.

Kashi na biyu sun rubuta arba'in da huɗu. Su sun yi aron, biyu ta zama sha biyu, amma sun bar bakwai tana nan yadda take. A wurinsu ɗan ɗayan nan daga sama ya faɗo, ba wanda ya rage masa komai. Akwai ma wani yaro da ya haɗa ɗayan da biyu ya samu uku, ya ga har yanzu takwas ba ta fita, ya bar wurin fili. Shi ya fi kowa gaskiya. Na ce masa a aro ɗaya, ya aro ɗaya. Ban taɓa gaya masa ɗayan nan goma ce ba.

Kashi na uku ne ya ɗaure mini kai. Yara kamar goma sun rubuta ashirin da huɗu, kuma a cikinsu har da waɗanda na fi ji da su. Sun soke bakwai sun mayar da ita shida, daidai. Sun samu huɗu a gidan ɗai-ɗai, daidai. Amma a gidan goma-goma, maimakon uku, biyu suke samu. Kowace tambaya na duba, amsarsu ta gaza da goma cif.

Washegari na kira ɗaya daga cikinsu, wata yarinya mai kaifin kai da ke zaune a layin gaba, 'yar maƙwabtanmu ce ma. Na ba ta alli na ce ta yi a allo tana faɗin abin da take yi. Ta yi komai yadda na koyar har ta rubuta huɗu. Sai na ga ta sauko ƙasa, ta ɗiga ɗan ɗaya a gefen ukun talatin da takwas, ta ce uku ta zama huɗu, shida a ɗebe huɗu saura biyu. Na tambaye ta wannan ɗayan na mene ne. Ta dube ni kamar na yi tambayar da ba ta kamata ba.

“Biya ne, Malama. Ai mun yi aro. Baba ya ce wanda ya ara sai ya biya.”

Na tambaye ta wane Baba, ko da yake na riga na sani. Na juya na dubi sauran masu ashirin da huɗu, duk 'yan zaurenmu ne.

A nan na gane abin da ya faru. A zamanin su Baba wata hanya ake koyarwa. Ba a taɓa lambar sama ta gidan goma-goma. Ana ƙara wa biyu goma ta zama sha biyu, sannan a sauko a ƙara wa ukun ƙasa ɗaya ta zama huɗu, a ce an biya. Bakwai a ɗebe huɗu saura uku. Amsa ɗaya ce da tawa, talatin da huɗu, kuma hanyarsa ba ta da aibu ko kaɗan. Yaran ne suka ji tawa da safe, suka ji tasa da yamma, suka ga duka biyun ana cewa aro, sai suka haɗe su. Su rage a sama saboda ni, su ƙara a ƙasa saboda shi. Goma ɗaya suke cirewa sau biyu.

Na koma gida da abin a raina. Na gaya wa mijina da daddare bayan cin abinci, na roƙe shi ya yi wa Baba magana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi da aka koya wa wannan ɗebewar da bulala a wannan zauren, shi ne zai je ya ce wa tsoho ya sake hanya? Ya ce in bar yaran, in sun girma za su gane. Na ce ba ganewa za su yi ba, tsanar lissafi za su yi, don yaron da ya bi duk abin da manya biyu suka gaya masa kuma aka ja masa jan biro, me zai ɗauka? Ya ce to ni in je in faɗa. Ya san ba zan iya ba.

Sai na ce bari in fara da abin da ke hannuna, wato ajina. Na yanke shawarar daina cewa aro gaba ɗaya. Kalmar ce ta fara ɓata abin, domin a gidajenmu yaro ya san in an aro turmi ko rariya sai an mayar, kuma a hanyar da nake koyarwa ba abin da ake mayarwa. Ba wani ne ya ba ka ba. Naka ne, ka dai sake masa zubi.

Ranar Asabar na shiga kasuwa na sayo tsintsiyar kwakwa guda uku da ƙullin roba irin wadda ake ɗaure leda da ita. Na zauna a tsakar gida ina kakkarya tsinkayen daidai tsawon ɗan yatsa, ina ƙirga goma-goma ina ɗaurewa. Aikin ya fi yadda na zata yawa, don ina so kowane benci ya samu nasa. Ina cikin yi Baba ya shigo zai wuce sashensa. Na yi sauri na gyara mayafi na gaishe shi. Ya tsaya ya dubi tarin tsinkayen, ya tambaya ko sana'ar tsire zan fara. Na ce a'a, na yara ne, na ɗebewa. Sai ya ce a kai masa zaure, hannunsa ba abin da yake yi.

Na aika masa da su. Kafin magariba an dawo mini da su a cikin kwando, an ɗaure su tsaf, kowane ɗauri kansa ɗaya kamar an yanka da wuƙa. Na ƙirga wasu don in tabbata, ba wanda ya gaza ko ya wuce goma.

Ranar Litinin na raba wa kowane benci. Na ce su fitar mini da saba'in da biyu. Suka jera ɗauri bakwai da tsinke biyu. Na ce to a ba ni takwas daga ciki. Wani yaro ya miƙo mini biyun ya ce su ke nan. Na ce takwas na ce. Aka yi ta kallon juna. Masu juya lamba suka ga a nan ba abin juyawa, don takwas ɗin ba ta kan benci balle a cire biyu daga cikinta, ni ce nake nema. Can daga baya wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda Hausarta ma ba ta gama nuna ba don ba su daɗe da zuwa garin ba, ta ɗauki ɗauri ɗaya ta zare robar. Tsinkaye suka baje. Na ce kowa ya dubi abin da ta yi.

Na sa kowane benci ya kwance ɗauri ɗaya. Na tambaya ɗauri nawa suka rage, suka ce shida. Warwara nawa, suka ƙirga suka ce sha biyu. Sai na yi tambayar da na fi so su ji, na ce yanzu duka-duka tsinke nawa ne a kan bencin. Wasu suka ce sittin da biyu, wasu suka ce tamanin da biyu. Na ce a ƙirga. Aka ƙirga, saba'in da biyu. Na ce wa ya ba ku wani abu? Ba kowa. Wa kuka ba? Ba kowa. To wa za ku biya? Yarinyar nan ta layin gaba ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa, ta sake duban tsinkayen.

Kwanaki muka yi ba mu rubuta komai ba sai kwancewa da cirewa. Bayan nan na fara haɗa hannu da alli: duk wanda ya zare roba, sai abokin zamansa ya soke lambar sama ya rage ta da ɗaya a daidai wannan lokacin, ya rubuta goman a gidan ɗai-ɗai. Haka suka ga soke bakwai ba ado ba ne, ɗauri ne ya bar wurinsa. Na kuma koya musu su riƙa gwada amsarsu da kansu, su tara abin da suka samu da abin da suka cire, in bai koma lambar farko ba akwai magana. Masu arba'in da shida suka tara da talatin da takwas suka ga tamanin da huɗu, suka yi ta dariyar kansu.

Masu juya lamba da masu manta ragewa suka warware cikin sauƙi. 'Yan zaure ne suka rage. A aji sai su yi daidai, su kwana su dawo da ɗan ɗigon nan a ƙasa. Ban ga laifinsu ba, kuma ban ce musu Baba ya yi kuskure ba, don bai yi ba. Na dai ce a aji a yi ta aji.

Ashe su sun kai maganar zaure. Wata yamma ina wanke-wanke aka ce Baba na kirana. Na sa hijabi na je na durƙusa daga bakin ƙofar zaure ta ciki. Yaran sun tashi, sai shi kaɗai da allonsa, an rubuta saba'in da biyu da talatin da takwas a kai. Ya ce yara sun gaya masa wai Malama ta ce ba a biya. Na ce, kaina a ƙasa, ba haka na faɗa ba, Baba, hanyarku daidai ce, tawa ma daidai ce, haɗa su ne ke cire goma sau biyu. Ya ce in matso in nuna masa. Na matsa da gwiwa, na karɓi allin, na yi masa yadda yaran ke yi har ashirin da huɗu ta fito.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce shi ma ya ga wannan amsar a wurinsu, ya ɗauka wasa ne ya yi musu yawa. Ya tambaye ni tun yaushe na gano, na faɗa masa. Ya ce me ya hana ni zuwa. Bai jira amsata ba. Ya ce gobe zai zo ya ga abin da ake yi da tsinkayen da ya ɗaure.

Ya kuwa zo, da farar riga da sandarsa. Hedimasta, wanda shi ma ɗalibinsa ne, ya rasa inda zai sa kansa, ya kawo kujera da hannunsa. Baba ya ce a kai ta bayan aji. Ranar kuma darasin da na fi tsoro ne, mai sifiri a tsakiya: ɗari uku da huɗu a ɗebe ɗari da ashirin da shida. Na riga na haɗa ɗauri goma-goma na yi manyan dammuna na ɗari. Na ajiye uku a kan tebur da tsinke huɗu, na kira yarinyar layin gaba. Ta ga shida ba za ta fita daga huɗu ba, ta kai hannu inda ɗaurin goma ke zama, ba ko ɗaya. Ta tsaya. Sai ta ɗauki babban dami ɗaya ta kwance, ɗauri goma suka zube. Ta ɗauki ɗaya daga ciki ta sake kwancewa. Na ce ta faɗa wa aji abin da ke gabanta. Ta ce manya biyu, ɗauri tara, warwara sha huɗu. Nan ajin ya ga inda taran nan take fitowa, wadda da sai dai a ce musu sifiri ya zama tara su haddace. Ta cire nata, ta rubuta ɗari da saba'in da takwas, ta tara ta gwada, ya koma ɗari uku da huɗu.

Baba ya miƙe ya tako gaban aji. Ya karɓi alli ya yi tambayar da tasa hanyar, kafin in ƙifta ido ya gama, amsa ɗaya. Gaskiya a kan sifiri hanyarsa ta fi sauri, kuma na ga yana jin daɗin hakan. Sai ya juyo ya tambayi yaran, in wa ya girmi ƙanensa da shekara uku, bayan shekara goma da nawa zai girme shi. Suka ce uku. Ya ce to abin da yake yi ke nan, yana ƙara wa na sama goma, ya ƙara wa na ƙasa goma, tazarar ba ta canjawa. Ya ce su ma a da biya aka ce musu, suka riƙe, amma ba bashi ba ne. Ni kaina ban taɓa jin an bayyana ta haka ba.

Daga nan ya ce, “Hanya biyu ce, kowacce tana kai mutum gida, amma ba a bin su tare. Ku yanzu ta Malamarku za ku bi, don ita ana ganinta da ido. Ni ma daga yau ita zan riƙa yi muku. In kun kai aji shida, mai so ya zo in koya masa tawa.”

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a aika masa da ɗauri ashirin da manya uku, na zaure.

A jarrabawar ƙarshen zango ban ga ashirin da huɗu ko irinta ba. Akwai waɗanda suka faɗi, ba zan ɓoye ba, yara sittin da wani abu ba sa tafiya tare, wasu kuma matsalarsu tun daga sha biyu a ɗebe takwas take. Amma yawancinsu sun iya, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne in na tsayar da yaro na ce me ya sa ka soke wannan, sai ya gaya mini. Hedimasta ya sa na nuna wa malaman aji biyu da na aji huɗu, muka daidaita bakinmu a kan kalma ɗaya, don kada yaro ya sake jin abu biyu. Har yau a makarantar nan kwancewa ake cewa.

Bayan an yi hutu, wata rana wani tsohon abokin aikin Baba ya zo daga Jigwada gaishe shi. Na kawo musu abinci, ina bayan ƙofar zaure zan yi sallama, sai na ji baƙon yana tambayar tsinkayen da ya gani a kwando. Baba ya ce na ɗebewa ne, ya zare roba ɗaya ya shiga nuna masa. Baƙon ya ce ina ya samo wannan bayan tsufa.

“Wurin 'yata, matar yaron nan,” in ji Baba. “Shekarun da na yi ina koyarwa, in yaro ya faɗi sai in ce bai iya ba. Ita sai da ta tambayi yaron yadda ya yi. Malama ce ta gaske.”

Na tsaya da tiren a hannuna har suka shiga wata hirar, don kada ya san na ji. Sannan na yi sallama, na ajiye, na gaishe su na koma ciki. Matar wan mijina ta tambaye ni me ya faru nake ta murmushi ni kaɗai, na ce mata ba komai, na ɗauki tsintsiya na hau sharar tsakar gida da aka riga aka share.